Yadda ake karanta sakamakon gwajin bayan gida idan an ga ɓoyayyen jini ko ƙwan tsutsa

Takardar sakamakon gwajin bayan gida gajera ce, sau da yawa ba ta wuce layi bakwai ko takwas ba, kuma da Turancin likitanci ake rubuta ta, shi ya sa mutane da yawa a nan Katsina idan sun karɓo ta daga ɗakin gwaje-gwaje sai su nufi kemis mafi kusa su miƙa wa mai shago, ya duba ya ce tsutsar ciki ce, ya ba su ƙwaya ɗaya, magana ta ƙare. A lokuta da dama hakan yakan wadatar. Amma akwai layi ɗaya a takardar wanda idan ya nuna alama, ƙwayar maganin tsutsa ba ta rufe zancensa, wato layin ɓoyayyen jini. Abin da nake so mai karatu ya iya shi ne ya duba layin ƙwan tsutsa da layin jini tare, ya kuma haɗa su da shekarun mai takardar da halin jikinsa, kafin ya yanke shawarar inda zai dosa.

Ga irin takardar da za mu bi, kamar yadda ake bugo ta:

```
Appearance: brown, semi-formed
Mucus: nil     Blood: nil
Microscopy: ova of hookworm +
Pus cells: 0-2/HPF    RBC: nil
Occult blood (FOB): POSITIVE
```

Da farko, a tuna yadda aka ɗebi bayan gidan

Kafin a karanta ko layi ɗaya, sai mutum ya tambayi kansa ta yaya samfurin ya isa ɗakin gwaji, domin sakamako ba ya fin abin da aka kawo inganci. Ana so a yi bayan gidan a cikin fo mai tsabta, busasshe, ko a kan leda mai tsabta, a ɗebi kamar ƙwayar dabino da ɗan cokalin da ke manne da murfin robar da asibiti ta bayar, kada ya haɗu da fitsari, ko ruwan buta, ko ƙasa. Wanda aka kwaso daga ƙasa a bayan gari, ko aka kawo a cikin kwalin ashana da ya riga ya tsotse danshinsa, yana iya ɗauke da ƙananan halittun ƙasa da za su ruɗa mai dubawa. Idan zawo ne mai ruwa, ana so ya isa cikin rabin awa, saboda ƙwayoyin da ke kawo atini masu motsi suna saurin mutuwa, kuma da sun mutu gane su yana wuya. Idan mai tauri ne, ƙwan tsutsa yana jure sa'o'i, amma dai a kai shi a ranar.

Game da jini kuma, macen da ta ba da samfuri tana cikin al'ada ko kwana biyu zuwa uku bayan ɗaukewarta, da wanda basir ɗinsa ke zubar da jini a ranar, da yaron da ke fitsarin jini na tsargiya har fitsarin ya taɓa samfurin, duk za su iya samun sakamakon da ke nuna jini alhali ba daga cikin hanji ya fito ba. Wannan bayani ne da ya kamata a faɗa wa likita ba tare da jin nauyi ba.

Layukan sama

Layin `Appearance` yana bayyana launi da tauri ne kawai, abin da ido ke gani. `Formed` na nufin mai tauri daidai, `loose` ko `watery` na nufin zawo. `Mucus` majina ce, `Blood` kuwa jinin da ake gani ƙarara, kuma `nil` na nufin babu. `Pus cells` ƙwayoyin mugunya ne, `RBC` jajayen ƙwayoyin jini, `HPF` kuwa fili ɗaya ne da ake gani a ƙarƙashin madubin gwaji. Idan waɗannan biyun suna da yawa tare da majina da zawo, hanjin ya kumbura ne, galibi atini, kuma wannan wata hanya ce daban wadda likita zai bi, wataƙila ya nemi a shuka samfurin a ga ƙwayar da ta tsiro. A takardarmu duk waɗannan layukan lafiya lau suke, kuma wannan shi ne abin da ke yaudarar mutane, domin sukan ce ai an rubuta babu jini a sama, to me ya kawo zancen jini a ƙasa?

Layin ƙwan tsutsa: sunan ne ke nuna magani

`Ova` ƙwai ne na tsutsa, `larvae` 'ya'yan tsutsa da suka ƙyanƙyashe, `cyst` kuwa ƙunshin wata ƙwaya ce mai ƙanƙanta wadda ba tsutsa ba ce. Abin da ya biyo bayan kalmar shi ne muhimmi, domin babu maganin tsutsa guda da ke kashe kowace iri.

Idan aka ga `Ascaris lumbricoides`, macijin ciki ne, wanda iyaye suka saba gani yana fita a bayan gidan yara, kuma yana shiga ne ta hannu ko abincin da ƙasa mai najasa ta taɓa. Idan aka ga `hookworm`, wata siririyar tsutsa ce da ta ɗan fi ƙwayar shinkafa tsawo, wadda 'ya'yanta ke huda fatar ƙafar mai tafiya ba takalmi a ƙasa mai danshi, su bi jini har su ƙare a ƙaramin hanji, su maƙale suna tsotson jini. Waɗannan biyun maganinsu albendazol ne, miligiram 400 sha ɗaya ga babba da yaron da ya kai shekara 2, rabin haka ga yaro mai wata 12 zuwa 23. Sha ɗaya yakan gama da macijin ciki, amma mai tsotson jinin ta fi taurin kai, shi ya sa wasu likitoci ke ba da maganin kwana uku a jere. `Trichuris trichiura`, wata tsutsar hanjin, ita ma kwana uku na wannan magani take buƙata. Mace mai ciki ba ta shan wannan magani a watanni uku na farko, don haka wadda take zaton ta yi ɓatan wata ta faɗa kafin a ba ta.

Daga nan sai waɗanda albendazol sha ɗaya ba ya magance su. `Schistosoma mansoni` tsargiyar hanji ce, ana ɗaukar ta a ruwan da ke kwance mai dodon-koɗi, irin na madatsun ruwa da hanyoyin ban-ruwa, don haka masu noman rani da masunta da yaran da ke wanka a wurare kamar Ajiwa, Zobe, Jibiya ko Daberam su ne suka fi cancantar a yi musu tambaya a kanta. Maganinta farazikwantel ne, kuma da nauyin jiki ake lissafa shi, miligiram 40 ga kowane kilo. Yaro mai kilo 30 zai buƙaci miligiram 1200, wato ƙwaya biyu masu miligiram 600, kuma a sha bayan an ci abinci don rage jiri da tashin zuciya. Saboda haka dole a ɗora mutum a kan sikeli, ba a ƙiyasta da ido ba. `Taenia` tsila ce, wadda a wajenmu ake samu daga naman shanu da bai gasu ko bai dahu sosai ba, ita ma farazikwantel ne maganinta amma da awo mafi ƙanƙanta. `Strongyloides` kuma aibamektin take buƙata, kuma ita ce wadda ke iya zama haɗari ƙwarai ga mai shan magungunan da ke rage garkuwar jiki.

Akwai wani wuri da ake yawan yin kuskure. `Entamoeba coli` ƙwaya ce da ke zaune a hanji ba ta cutarwa, ba ta buƙatar magani, kuma ba ita ce `E. coli` ɗin da ake jin labarinta a gwajin fitsari ba. Abin da take nunawa kawai shi ne ruwan sha ko abinci ya taɓa gurɓata. `Entamoeba histolytica` ita ce mai kawo atini, sai dai tana da 'yar'uwa marar cutarwa wadda kamanninsu ɗaya a ƙarƙashin madubin gwaji, shi ya sa wasu takardu ke rubuta `histolytica/dispar`. Likita ne zai duba ko akwai alamun ciwo ya yanke hukunci, kuma idan ya tabbata ita ce, metronidazol kaɗai ba ya share ƙunshin da ke cikin hanji, ana bin sa da magani na biyu.

Alamar `+`, `++` ko `+++` ƙiyasi ne na yawan ƙwan da aka gani, ba ƙidayar tsutsar da ke ciki ba ce. Haka kuma `No ova or cyst seen` na nufin ba a gani ba a ɗan abin da aka shafa a gilashi a wannan ranar. Tsutsa ba kullum take zubar da ƙwai daidai ba, don haka idan alamun ciwo suna nan, ana maimaita gwajin har sau uku a ranaku daban-daban. Yaron da ke sosa dubura da dare kuwa, ƙwan tsutsar da ke damunsa ba kasafai ake ganinsa a bayan gida ba, domin a fatar bakin dubura take ajiye shi, kuma ana kama shi ne da salatif mai garai-garai da ake mannawa da asuba kafin wanka.

Layin ɓoyayyen jini

`Occult blood` ko `FOB` na nufin jinin da ya gauraya da bayan gida amma ya yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinsa, sai sinadari ya tona shi. `Negative` ba a samu ba, `Positive` an samu. Jinin da ya tsiyayo daga can sama yakan narke a hanya, ƙwayoyinsa su farfashe, shi ya sa za a iya rubuta `RBC: nil` amma sinadarin ya kama shi. Babu saɓani tsakanin layukan biyu.

Mataki na farko a nan shi ne a tambayi ɗakin gwajin wane iri suka yi, domin iri biyu ne. Tsohon irin, wanda ake shafa samfurin a kan kati a ɗiga ruwan sinadari ya koma shuɗi, ba ya bambanta jinin mutum da na dabba. Wanda ya ci tsire, balangu, kilishi ko hanta a cikin kwana uku kafin gwajin zai iya samun `Positive` na ƙarya, kuma wanda ke shan bitamin C fiye da miligiram 250 a rana zai iya samun `Negative` na ƙarya. Sabon irin, wanda ake rubutawa `FIT` ko `iFOB`, jinin ɗan'adam kaɗai yake kamawa, babu ruwansa da abin da aka ci, kuma ya fi nuna jinin da ke fitowa daga babban hanji.

Gwajin bai faɗi daga ina jinin yake ba, kuma bai faɗi dalili ba. Yana iya zama gyambon ciki, wanda mutane ke kira olsa, ko ƙujewar da magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak, ibufurofen da asfirin ke yi wa tumbi, ko basir, ko tsagewar dubura, ko tsutsa mai tsotson jini, ko tsargiyar hanji, ko wani ɗan tsiro a bangon babban hanji, ko ciwon daji. Mafi yawan waɗanda aka samu jinin a bayan gidansu ba ciwon daji ke gare su ba, kuma ya kamata a faɗi wannan don hankali ya kwanta. Amma ba a iya ware 'yan kaɗan ɗin da ke da shi daga sauran ta hanyar kallon takarda, sai an duba.

A nan ne nake da ƙorafi a kan wata al'ada da ta zama ruwan dare, wato mutum ya ga `Positive`, ya bar kwana biyu ya sake gwaji a wani wurin, ya samu `Negative`, ya ce na farkon kuskure ne. Tsiro ko gyambo ba kullum yake zubar da jini ba, yau ya tsiyaya gobe ya tsaya. Saboda haka sakamako na biyu ba ya goge na farko, sai fa idan akwai bayyanannen dalili da ya ɓata na farkon, kamar jinin al'ada ko nama a tsohon irin gwajin, kuma likita ne ya ce a maimaita.

Haɗa layukan biyu: mai takardar nan

Mu ce mai takardar da ke sama dattijo ne ɗan shekara 54 daga wani ƙauye kusa da Daura, manomi, wanda ya kai wata huɗu yana jin kasala, numfashinsa na sama-sama idan ya yi 'yar tafiya zuwa gona, tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari. Ɗansa ne ya kawo shi, kuma shi ne ya karanta takardar ya ce, “Baba, tsutsa ce ke shan jininku, mu sayi magani mu koma gida.” Maganar ɗan tana da tushe, domin wannan tsutsa tana tsotson jini da gaske kuma tana iya sa gwajin ya nuna jini. Irin da ya fi yawa a Afirka ta Yamma, kowace ɗaya tana jawo asarar kimanin mililita 0.03 na jini a rana, don haka tsutsa ɗari za su ci mililita 3, ɗan fiye da rabin ƙaramin cokali, kullum. Idan suna da yawa kuma abinci ba shi da wadataccen sinadarin ƙarfe, ƙarancin jini zai biyo baya. Amma takardar ta nuna `+` ɗaya ne kawai, kuma mutum na iya samun tsutsa a lokaci guda yana da wata cutar daban, musamman manomi wanda kusan rayuwarsa duka a cikin ƙasa mai danshi ya yi ta. Ganin ƙwan bai wanke babban hanjinsa ba.

Abin da ya dace shi ne a koma wurin likitan da ya rubuta gwajin, a nemi awon jini. A ce `PCV` ɗinsa, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jini, ya fito 26, alhali namiji baligi mai lafiya yakan kasance daga 40 zuwa sama. Likita zai yi masa tambayoyin da ya kamata a zo da amsarsu tun daga gida: ko yanayin bayan gidansa ya sauya a 'yan watannin nan, wato zawo da taurin ciki suna musanya, ko bayan gidan ya sirance, ko yana jin kamar bai gama ba bayan ya tashi, ko ya rame har wandonsa ya yi masa yawa, ko wani a cikin iyaye ko 'yan'uwansa ya taɓa ciwon dajin hanji, da kuma irin magungunan da yake sha. Wannan ta ƙarshen tana da nauyi, domin manoma da 'yan dako da yawa suna shan haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙulla musu a leda kowace yamma, ba tare da sun san sunan ko ɗaya ba, kuma galibi akwai mai ƙuje tumbi a ciki. Ya fi kyau a kawo ledar gaba ɗaya a ajiye a kan teburin likita. Sannan likita zai duba dubura da yatsa. Dattawa da yawa suna ƙin wannan saboda kunya, amma bai wuce minti ɗaya ba, kuma tsiron da ke kusa da ƙofa ana iya taɓa shi ta haka.

Daga nan za a ba shi albendazol, a dakatar da haɗin ciwon jikin, a fara masa ƙwayar ƙarin jini. Ya sani cewa ƙwayar za ta mayar da bayan gidansa baƙi-baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne, kuma kada ya sha ta da shayi domin shayi yana hana jiki tsotse ta. Bayan mako biyu zuwa uku a sake duba bayan gida don a ga ko ƙwan ya ɓace, bayan mako uku zuwa huɗu a sake awon jini. Ana ci gaba da ƙwayar kimanin wata uku bayan jinin ya koma daidai don jiki ya cika rumbunsa.

Amma ga mutum mai shekarunsa da irin wannan ƙarancin jini, ba a jiran a ga ƙarshen maganin kafin a nemi leƙa ciki. Ana tura shi babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, inda likitocin ciki ko na tiyata za su tsara inda za a yi masa, nan ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Dubawar iri biyu ce: endoskofi, inda ake zura siririn bututu mai kyamara ta baki a ga tumbi, da kolonoskofi, inda ake bi ta dubura a ga babban hanji duka. Kafin na biyun ana dakatar da ƙwayar ƙarin jini kimanin mako guda, kuma ana shan maganin wankin ciki a jajibirin ranar har abin da ke fita ya zama ruwa garai-garai, domin hanjin da bai wanku ba yana ɓoye ƙaramin tsiro. Idan aka ga tsiro ƙarami, sau da yawa a nan take ake cire shi a aika gwaji, kuma irin wannan tsiron ne idan aka bar shi shekaru wani lokaci yake rikiɗa ya zama ciwon daji. Hoton ciki na sikanin da ake shafa mai a goga ba ya maye gurbin wannan dubawa, domin ba ya ganin cikin bangon hanji yadda ake buƙata.

Da a ce takardar ta yarinya ce 'yar shekara 9 wadda ke yawo ba takalmi, ba ta rame ba, kuma ƙwan ya fito `+++`, hanyar za ta fi sauƙi: a ba ta maganin tsutsa da na ƙarin jini, a sa mata takalmi, a duba sauran yaran gidan, a sake gwaji bayan wata guda, sai idan jinin bai tashi ba ko ɓoyayyen jinin bai ɓace ba a zurfafa bincike. Bambancin yana cikin shekaru da alamun da ke tare. Wanda ya kai shekara 45, ko namiji baligi da macen da ta daina al'ada masu ƙarancin jini, ko duk mai rama da sauyin bayan gida ko da bai kai wannan shekarun ba, leƙa ciki ya kama shi. Kalmar basir ta cinye mutane da yawa a wannan gaɓa, domin da zarar an ce basir ne sai a koma jiƙe-jiƙe da sassaƙe na watanni, alhali mai basir ma yana iya samun wani abu a sama da shi.

Lokacin da ba a jiran ranar ganin likita

Idan bayan gida ya koma baƙi wuluk mai danƙo kamar kwalta, mai wari na daban, ga wanda ba ya shan ƙwayar ƙarin jini, wannan jini ne mai yawa daga sama. Haka nan aman jini ko aman da ya yi kama da garin gahawa, zubar jini mai gudaji ta dubura, jiri da faɗuwa idan an miƙe tsaye, ko yaron da aka samu macijin ciki a takardarsa sannan cikinsa ya kumbura yana amai ba ya bayan gida, wanda hakan na iya nufin tsutsotsin sun dunƙule sun toshe hanji. Duk waɗannan sashen gaggawa ake nufa a wannan sa'ar, da takardar sakamakon da ledar magungunan da ake sha a hannu, kuma kada a ba marar lafiyan wani maganin ciwon jiki ko na wankin ciki a hanya.